Dala ta tashi bayan an karɓi kaya: a kan kaya za a ɗora ƙarin ko a rubuta shi asara?

Nura: Assalamu alaikum. Masu riƙe wa 'yan kasuwa littafi, a taimaka da wannan. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya yi odar atamfa turmi 2,000 daga Sin, dala 10 kowane turmi, jimla dala 20,000. Ya ba da kafin alƙalami dala 6,000 ranar 10 ga Oktoba, lokacin dala tana naira 1,500. Kaya suka zama nasa ranar 5 ga Nuwamba, dala tana 1,550. Ragowar dala 14,000 bashi ce. Ya biya 8,000 ranar 10 ga Disamba a kan 1,600, sauran 6,000 kuma sai 20 ga Janairu a kan 1,580. Shekararsa ta lissafi tana rufewa 31 ga Disamba, ranar dala tana 1,620. Farashin dala biyar ke nan a kan kwantena ɗaya. Da wanne zan rubuta kuɗin kayan?

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Ai wannan ba ya buƙatar dogon lissafi, ɗana. Tara duk nairar da ta fita daga aljihunsa har ya gama biya, ka ƙara kuɗin kwastan da na jirgi da dako, ka raba da 2,000. Abin da ya fito shi ne uwar kuɗin turmi. Haka muka taras ana yi.

Malam Sani: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Jimlar da ka ce a tara daidai ce, kuma a ƙarshe da ita za mu auna ko lissafin ya tafi daidai. Inda matsalar take shi ne lokaci. Mutumin nan zai fara sayar da atamfa da zarar ta iso, bai gama biya ba sai Janairu. Idan uwar kuɗin turmi sai an gama biya za a san ta, to duk tsawon wannan lokaci yana ciniki bai san ko riba yake ci ba, kuma shekara ta rufe a tsakani.

Abin da IAS 21, ƙa'idar lissafi ta duniya kan canjin kuɗi, ta tsara shi ne a raba abu biyu da mutane suke cakuɗawa. Kaya daban, bashi daban. Kaya ana rubuta su da naira sau ɗaya, da farashin dalar ranar da suka zama naka, kuma ba a sake taɓa wannan adadi don dala ta motsa. Atamfar da ke sito ba ta san dala ta tashi ba. Bashin kuwa dala ake binka, don haka nauyinsa a naira yana hawa yana sauka har ranar da ka biya. Bambancin da ya fito daga bashin shi ne riba ko asarar canji, kuma shafinsa daban yake a littafi.

Nura, ga naka. Kafin alƙalami: 6,000 sau 1,500, naira miliyan 9. Ragowar: 14,000 sau 1,550, naira 21,700,000. Kuɗin kaya daga wurin mai kaya ya zama 30,700,000. Nawa aka kashe a jirgi da kwastan da dako?

Nura: Duka 5,300,000, kuma da naira aka biya wa ejan.

Malam Sani: To ka samu miliyan 36 cif, turmi ya tsaya a 18,000. Wannan adadin ne zai bi kowane turmi har ya fita daga shago.

Hajiya Rabi: Malam, tsaya. Me ya sa kafin alƙalamin ya zauna a 1,500? Tun da kaya sun zama nasa ranar 5 ga Nuwamba, ni da na ɗauka dala 20,000 ɗin gaba ɗaya za a buga da 1,550, a samu miliyan 31, sai a ce ya ci ribar canji 300,000 a kan dala 6,000 da ya biya da wuri.

Malam Sani: Hajiya, mutane da yawa haka suke yi, har da akantoci, shi ya sa aka fitar da bayani na musamman a kansa, IFRIC 22. Ki duba abin da ɗan kasuwan yake jira bayan ya ba da kafin alƙalami. Ba dala yake jira a dawo masa da ita ba, atamfa yake jira. Tun ranar 10 ga Oktoba ya rabu da haɗarin canji a kan wannan dala 6,000, nairarsa miliyan 9 ta fita, magana ta ƙare. Idan kika sake buga ta da 1,550, kin ƙirƙiri ribar 300,000 da babu wanda ya ga ƙwandalarta, kuma kin kumbura kuɗin kaya da 300,000 ɗin. Ribar bogi a yau, ragin riba idan an sayar.

Wuri ɗaya ne abin yake juyawa. Idan mai kaya ya kasa kawowa, aka yi yarjejeniya zai mayar da dala 6,000, daga ranar ta zama bashin dala da kike bi, sai ta fara hawa da sauka kamar kowane bashi.

Hajiya Rabi: Na gane. Ci gaba da biyan Disamba.

Malam Sani: Ranar 10 ga Disamba ya sayi dala 8,000 a 1,600, ya fitar da 12,800,000. A littafi wannan yanki na bashin yana zaune a 8,000 sau 1,550, wato 12,400,000. Sai ka rage bashin mai kaya da 12,400,000, ka rage banki da 12,800,000, gibin 400,000 ka kai shi shafin asarar canji. Wannan asara ce da ta tabbata, kuɗi sun fita.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a rage bashin da dukan 12,800,000. Babu abin da zai nuna a ranar. Sai an gama biya a Janairu, mai kaya ya ce ba ya bin ko sisi, amma shafinsa a littafinka ya nuna kamar kai ne kake binsa naira 580,000. Duk wanda ya ga shafin mai kaya na waje ya ƙi komawa sifili bayan an biya dala ta ƙarshe, to ya san asarar canji ce aka binne a ciki. Maganinsa a buɗe wa shafin layi biyu, ɗaya na dala, ɗaya na naira, da gurbin farashin ranar. Layin dala ne ake daidaitawa da mai kaya, shi bai san nairarka ba.

Aminu: Ni tambayata a kan zakka ce. Idan an bar kaya a 18,000 alhali a kasuwa sun kai 21,000, ba an tauye haƙƙin miskinai ba?

Bilkisu: Aminu, ba wannan ake magana ba. Littafin riba da asara daban, ƙiyasin zakka daban. Ranar fitar da zakka ana ƙiyasta kayan da darajarsu ta wannan rana, ba da abin da aka rubuta a littafi ba. Yadda za a yi da bashin da ake binsa kuma sai ka tambayi malamai, akwai saɓani. Abin da littafin zai ba ka shi ne adadin turamen da suka rage da dalar da ake binka, kuma su biyun kake buƙata.

Nura: To ƙarshen shekara fa? Babu abin da aka biya ranar 31 ga Disamba. Me zan rubuta?

Malam Sani: Saura dala 6,000, a littafi 9,300,000. Ranar rufewa dala tana 1,620, da za a ce ya biya a ranar sai ya fitar da 9,720,000. Sai ka ɗaga bashin da 420,000, ka rubuta 420,000 asarar canji. Wannan ita muke kira asarar takarda, don ba ta tabbata ba tukuna. Ka buɗe mata shafi daban da waccan 400,000, za ka ga amfanin haka idan an zo maganar haraji.

Ranar 20 ga Janairu ya biya a 1,580, wato 9,480,000. Bashin a littafi yanzu 9,720,000 ne, ba 9,300,000 ba. Don haka sabuwar shekara za ta nuna ribar canji 240,000.

Yanzu mu koma wa Alhaji. Nairar da ta fita zuwa ga mai kaya: miliyan 9, da 12,800,000, da 9,480,000, jimla 31,280,000. Kuɗin kaya a littafi 30,700,000. Bambanci 580,000. Ta hanyarmu kuma: 400,000 da 420,000, a cire 240,000, saura 580,000. Idan waɗannan biyun ba su haɗu ba, akwai kuskure a wani wuri.

Alhaji Garba: To ka ga mun haɗu a tasha ɗaya. Amma Malam Sani, ribar 240,000 ta Janairu wace irin riba ce? Mutum ya karɓi kaya dala tana 1,550, ya biya tana 1,580, ya yi asarar naira 30 a kowace dala, kai kuma ka ce ya ci riba. Idan ya ga haka ya ɗebi kuɗin ya ƙara aure fa?

Malam Sani: Gaskiyarka, Alhaji, ba riba ce ta aljihu ba. Gyara ce. Bara an ɗora masa 420,000, abin da ya tabbata a ƙarshe 180,000 ne, sai aka mayar masa da 240,000. Shi ya sa idan za a nuna wa mai dukiya, gara a haɗa masa takarda ɗaya ta kowace kwantena daga farko zuwa ƙarshe. Lissafin shekara na banki ne da hukumar haraji da abokan tarayya. Amma ɗaga bashin a ƙarshen shekara ba ado ba ne. A watan Yuni 2023, da Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji, farashin hukuma ya tashi daga wajen 460 ya haura 700 cikin 'yan kwanaki, zuwa Fabrairun 2024 ya wuce 1,500. Wanda ake bi dala 50,000 ya bar ta a tsohon farashi, littafinsa yana nuna jari mai ƙiba alhali rabinsa ya zama na mai kaya. Idan kasuwancin na haɗin gwiwa ne, aka raba riba a kan wannan littafi, jari aka raba.

Hajiya Rabi: Ni har yanzu akwai inda ban gamsu ba. Ku ce ya sayar da turmi 1,500 kafin ƙarshen shekara a 21,000. Ciniki 31,500,000, uwar kuɗi miliyan 27, riba 4,500,000. Sai a cire asarar canji 820,000 gaba ɗaya. Amma ai turmi 500 suna sito. Me ya sa kason su na asarar ba zai jira har a sayar da su ba? Kaya ɗaya ne suka jawo bashin.

Bilkisu: Hajiya, ba kayan ne suka jawo asarar ba, jinkirin biya ne. Da ya biya dala 14,000 ranar 5 ga Nuwamba, da atamfar nan ce dai, 18,000 ɗin nan ne dai, babu asara ko kwabo. 'Yan kasuwa biyu su sayi kaya iri ɗaya rana ɗaya, ɗaya ya biya nan take, ɗaya ya ja wata biyu, bai kamata uwar kuɗinsu ta bambanta ba. Abin da ya bambanta shi ne shawarar da na biyun ya yanke ta riƙe bashin dala, kuma ita ce shafin canji yake aunawa. Idan aka zuba shi cikin kaya, mai dukiya ba zai taɓa sanin ko atamfa ce ba ta da riba ko bashin ne yake cin sa ba.

Hajiya Rabi: A littafi na yarda. A bakin shago kuwa ni da 18,000 ba zan yanke farashi ba.

Bilkisu: Kuma bai kamata ba. A nan ke da Alhaji kun fi mu gaskiya. Farashin sayarwa da kuɗin mayar da kaya ake yanke shi. A littafi turmi ya zo daga Sin a 15,350. Idan zai sake oda dala tana 1,620, turmin nan 16,200 ne tun kafin ya hau jirgi, kuma kuɗin kwastan shi ma zai tashi, tun da da farashin dala na hukuma ake buga shi. Wanda ya sayar a 19,000 don littafi ya ce akwai ribar 1,000, zai iya gama sayarwa kuɗin ba su isa su cika kwantena irin ta farko ba. A ajiye adadi biyu: na littafi, da na yanke farashi. Kada dai na biyun ya shiga littafi.

Idan abin ya juya, naira ta yi ƙarfi, sabbin kaya suka shigo da araha har turmi ya faɗi zuwa 17,000 a kasuwa, to IAS 2, ƙa'idar kayan sito, ta ce a sauke darajar na sito zuwa abin da za a iya samu bayan cire kuɗin sayarwa. Wannan faɗuwar kaya ce, ba ta shiga shafin canji.

Nura: Wani abu kuma. Sau da yawa maigida ba ranar biya yake sayen dala ba. Yakan tara ta kaɗan-kaɗan daga kasuwar 'yan canji ta Wapa, ya ajiye, sai ta cika ya tura.

Malam Sani: To dalar da ke hannu ita ma shafinta za ka buɗe, layi biyu kamar na mai kaya. A ce dala 8,000 ɗin nan ya sayi 5,000 a 1,520, daga baya 3,000 a 1,600. Ya kashe 7,600,000 da 4,800,000, jimla 12,400,000. Ranar biya dala tana 1,600, abin da ke hannunsa ya kai 12,800,000, ya ci 400,000 a kan dalar da ya riƙe, ya yi asarar 400,000 a kan bashin. Suka cinye juna. Na zaɓi adadin ne don ya fito daidai, a zahiri ba ya cika haka, amma ka ga dalilin da ya sa masu wayo suke mayar da cinikin kullum zuwa dala tun bashin bai nuna ba.

Idan ba duka ya tura ba, fitar da ita da matsakaicin farashi: jimlar nairar da ke shafin a raba da jimlar dalar. Ka tsaya a hanya ɗaya, kada yau ka ce tsohuwar dala ce ta fita gobe ka ce sabuwa don lissafi ya yi daɗi. Ragowar da ta kai 31 ga Disamba ita ma ana buga ta da farashin rufewa. Ladan mai tura kuɗi da cajin banki kuma kada su shiga shafin canji, kuɗin hidima ne. Idan ɗan canji ya dunƙule ladansa cikin farashin da ya ba ka, ba sai ka tsaga ba, farashin da ka saya ke nan.

Ilya: Daga Maraɗi nake bin ku. Mu nan tsarin lissafi na SYSCOHADA muke bi, kuma a ƙarshen shekara ya saɓa da naku. Bambancin da bai tabbata ba ana ajiye shi a asusu 478 idan asara ce, 479 idan riba ce. Asarar ana yi mata tanadi, ta ci ribar shekara. Ribar kuwa ba a ƙirga ta sai an biya. Sannan sefa a ɗaure take da yuro, 655.957, don haka mai saye da yuro ba ruwansa da wannan duka. Mai saye da dala ko mai karɓar naira daga abokan cinikin Jibiya shi ne yake ciki.

Malam Sani: Madalla, Malam Ilya. A namu, da dala ta faɗi zuwa 1,500 ranar rufewa, da an rubuta ribar takarda 300,000 a cikin ribar shekara. Naku ya fi taka-tsantsan.

Aminu: To 1,550 ɗin nan da kuke ta bugawa, na wa ne? Na Babban Banki ko na Wapa?

Malam Sani: Ranar da aka sayi dala babu gardama, abin da aka biya shi ake rubutawa. Gardamar tana ranakun da kuɗi ba su motsa ba, 5 ga Nuwamba da 31 ga Disamba. Ƙa'idar ta ce idan farashi ya fi ɗaya, a ɗauki wanda da shi za a iya biyan bashin a ranar. Wanda ya buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya ta banki, bankinsa ke sayar masa da dala, na hukuma zai ɗauka. Wanda bai taɓa samun dala a banki ba, a ganina na kasuwa ne gaskiyarsa.

Bilkisu: A nan ban bi ka ba, Malam. Odita zai ce ka nuna masa inda aka wallafa farashin Wapa na 31 ga Disamba, kuma ba ka da shi sai saƙon waya daga ɗan canji. Na Babban Banki yana shafinsu, kowa zai iya dubawa. Sannan hukumar haraji da na hukuma take aiki. Asarar takarda dama ba ta yarda a cire ta daga ribar da za a yi wa haraji, sai ta tabbata. A misalin Nura, 400,000 za ta wuce a bara, 420,000 a mayar da ita, sannan a sabuwar shekara a cire 240,000 ɗin daga riba a nemi 180,000 da ta tabbata. Wanda ya zuba su a shafi ɗaya sai ya bi layi-layi yana tsince su.

Malam Sani: Maganar haraji na yarda. Amma duba abin da yake faruwa idan gibin yana da faɗi, kamar kafin Yunin 2023, hukuma tana 460 kasuwa ta haura 700. Ka rubuta kaya da 460, ka biya da 740. Uwar kuɗi ta fito ƙarama, ribar ciniki ta kumbura, sai ga wata ƙatuwar asarar canji a ƙasa alhali dala ba ta motsa ba ko taku ɗaya. Jimla daidai, amma duka shafukan biyu ƙarya suke faɗa. Yanzu da farashin biyu suka matso kusa, bambancin ba ya da yawa, shi ya sa gardamar ta lafa.

Bilkisu: To a ajiye duka biyun a gurbi biyu, kowace rana da hujjarta: hoton shafin Babban Banki, da rasit ko alat na ɗan canji. A rubuta wanda aka zaɓa a matsayin tsari, a tsaya a kansa.

Nura: Saura ɗaya. Na ce kaya sun zama nasa 5 ga Nuwamba don ranar aka loda jirgi. Sun iso sito a Kano sai 18 ga Disamba. Na yi daidai?

Malam Sani: Ya danganta da sharaɗin cinikin. Idan takardar ta ce FOB ko CIF, haɗarin kaya yana komawa kan mai saye tun da aka loda su a jirgi, ranar takardar lodi ce ranarka, ko da kwantena tana teku. Idan kuwa mai kaya ko kamfanin jigila ne ya ɗauki nauyin kawowa har Kano, ya lalace a hanya nasa ne, to ranarka 18 ga Disamba ce. Sai lissafin ya canza sosai: dala 8,000 ta 10 ga Disamba ta zama kafin alƙalami na biyu, ta shiga kuɗin kaya a 1,600, asarar 400,000 ta ɓace, bashin da zai motsa ya zama dala 6,000 kawai daga farashin 18 ga wata.

Nura: Babu ko ɗaya a takardar. Da saƙon waya aka yi cinikin.

Hajiya Rabi: Haka rabin Kwari suke yi. Tambayi maigidanka: da jirgin ya nutse, zai biya ragowar 14,000 ko ba zai biya ba? Abin da ya ce maka, ka sa ya tura wa mai kayan a rubuce ya amsa, ka buga saƙon ka maƙala a fayil ɗin kwantenar.